Fam 42,600 ya lissafa, fam 34,500 ke cikin takardar

Assalamu alaikum jama'a, daga Leeds nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar ruwan sama a taga. Daren jiya wani ƙanina da muke haya gida ɗaya ya shigo da murna, ya ce, "Yaya, an ɗauke ni, fam dubu arba'in da biyu da ɗari shida!" Na yi masa barka, na ce ya buɗe takardar ɗaukar aikin a waya mu karanta kafin ya sa hannu. Ya yarda in ba ku labarin, amma ba zan ambaci kamfanin ba.

Ga yadda ya yi lissafinsa: albashi fam 36,000 a shekara, kuɗin sa hannu fam 3,000, sai bonas da aka ce zai iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari, wato 3,600. Duk a shafin farko suke. Sharuɗɗan kuwa suna shafi na huɗu da na biyar.

Mun fara da lokacin gwaji. Wata shida ne, kuma a cikinsu za a biya shi a kan 33,000, ba 36,000 ba. Bambancin fam 250 ne a wata, 1,500 ke nan a wata shida. An kuma rubuta cewa za su iya ƙara wata uku, kuma sai sun tabbatar masa a rubuce cewa ya wuce gwajin albashi zai tashi. Wannan jimlar ta dame ni, domin idan manaja ya yi shiru, ƙaramin albashin zai ci gaba. A wannan lokacin sanarwar mako ɗaya ta isa su sallame shi.

To, inda na fi daɗewa shi ne kuɗin sa hannu. Sharaɗin ya ce idan aikinsa ya ƙare kafin wata 24, `for any reason`, wato ko da wane dalili, zai mayar da kuɗin. Na ce masa, "Ƙanina, ba su ce idan kai ka tafi ba. Ko su suka sallame ka a watan biyar, ko suka rage ma'aikata, kai ne da biya." Kuma ba a rage komai gwargwadon zaman da ya yi. Wanda ya yi wata 23 da wanda ya yi wata biyu, bashinsu ɗaya.

Akwai wata kalma guda, `gross`. Ma'anarta zai mayar da fam 3,000 cif, kafin haraji. Alhali ba 3,000 za su shigo hannunsa ba. A Ingila kuɗin sa hannu albashi ne a wajen hukumar haraji, kashi 20 kaɗai ya ɗauke fam 600, ga kuɗin inshorar ƙasa a kai. Abin da zai gani a asusu ba zai kai 2,300 ba. Neman harajin ya dawo wata tafiya ce daban. Sannan a ƙasan sharaɗin ya amince su cire bashin daga albashinsa na ƙarshe. Dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta hana a yanke maka albashi sai doka ta ce, ko kwantiragi ya tanada, ko ka yarda a rubuce tun farko. Sa hannunsa shi ne yardar. Shi kuma har ya gama niyyar tura kuɗin gida a gyara wa Hajiya rufin ɗaki. Na ce ya ɗauke su rance har wata 24 su cika.

Bonas ɗin ba mu ɓata lokaci a kansa ba. An rubuta `discretionary`, wato sai in sun ga dama, kuma dole ranar biya ta same shi yana aiki, bai ba da sanarwar tafiya ba. Irin wannan ba a ɗora kuɗin haya a kansa. Muka sa masa sifili. Abin da ya tabbata a shekarar farko: 16,500 na watannin gwaji da 18,000 na sauran, 34,500 kafin haraji.

Da safe ya kira ACAS, masu ba da shawara kyauta kan harkar aiki, sannan ya rubuta wa kamfanin roƙo uku: bashin ya riƙa raguwa kowane wata, kada ya biya idan su suka sallame shi ba da laifinsa ba, kuma a lissafa bashin a kan abin da ya shigo hannunsa bayan haraji. Ɗazu suka amsa. Sun yarda da biyun farko, sun ƙi na uku. Na ce kada ya dogara da imel, a gyara takardar kanta a turo sabuwa. Yanzu ita muke jira.