Gyambon bayan jaki: a gyara akumari kafin a nemi magani

Tun da bidiyon nan na shafa wa jaki baƙin mai ya fara yawo a waya, tambaya ɗaya ake ta aiko mana: baƙin mai ko toka, wanne ya fi? Jama'a, ko ɗaya. Baƙin mai ƙona naman yake yi, ya kulle datti a ciki.

Ku dubi wannan jakin da ke ɗebo yashi daga Gulbin Maradi. An sauke akumari. Ko'ina ya jiƙe da gumi, sai nan kusa da kafaɗa a bushe, gashi ya kwanta, da an taɓa sai ya zabura. Nan nauyi ke dannawa har jini ya kasa zagayawa, kuma nan gyambo zai fashe. Farin gashin da ke gefe tabon tsohon ciwo ne.

To ga inda ake kuskure. Mai jaki ya ga ciwo, tausayi ya kama shi, sai ya ƙara tsumma a kai ya ɗaure tamau. Danniyar ya ƙara ke nan. Abin da ake so, komai kada ya taɓa wurin. A naɗe tsumman auduga kamar gammo, da rami a tsakiya wanda ya fi ciwon faɗi, a ɗinke shi a jikin akumari don kada ya zame. Nauyi sai ya sauka a kewaye. Tsakiyar baya ma haka: matashi biyu, dama da hagu, ƙashin baya a sarari har hannu ya shige. Buhun leda da igiyar roba kuwa, don Allah a raba su da fatar dabba. Kayan amalanke a daidaita su saitin tayoyi, kada su rinjaya gaba.

Wanki safe da yamma: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce. A ganina, jakin da bayansa ya fashe hutu ya kamace shi har ya warke. Gammon nan na wanda tuwon gidansa ya dogara da amalanke ne. In akwai ruɓa, wari ko tsutsa, ko jaki ya sandare ya kasa tauna, maza wurin likitan dabbobi.

Sauran a gurguje. Kara da ciyawa su ne tushen abinci, a ƙara harawa da 'yar dusa. Hatsi da yawa lokaci guda na kawo ciwon ciki da na kofato. Da zafin Afrilu jakin aiki na iya shan lita 20 a wuni, a riƙa ba shi a tsakiyar aiki. Kofato a ƙwaƙule tsakuwa kullum, a fere bayan kamar wata 2, da damina kuma a ɗaure shi a busasshen wuri.