Takalmin dalar Amurka biyu: nawa yake tsayawa idan ya iso Maraɗi?

Mu ɗauki wata takardar farashi irin wadda masana'antun ƙasar Sin suke aiko wa mai son sari, kuma za mu bi ta layi-layi da misalin wani ɗan kasuwa a Maraɗi da yake son shigo da takalman yara. Alƙaluman farashi da na sufuri misali ne muka ƙaddara domin lissafi ya fito fili.

Layin farko ya nuna MOQ, wato mafi ƙarancin adadin da kamfani zai yarda ya sayar, a nan ƙafa 3,000, kowace a kan dalar Amurka biyu. Abin da ya kamata a tambaya tun kafin a fara ciniki shi ne ko wannan adadi na odar gaba ɗaya ne, ko kuwa na kowane launi ne, domin masana'anta tana ɗora injinta ne a kan launi ɗaya da ƙira ɗaya, kuma wanda ya nemi launi huɗu yana iya tarar da cewa an ninka masa adadin sau huɗu. Ana iya roƙon ragi a odar farko, amma galibi farashin kowace ƙafa zai ɗan hau.

Kada a tura kuɗin kafin alƙalami sai samfur ya zo hannu. A lanƙwasa tafin takalmin, a ja ɗinkin, a jiƙa shi da ruwa, sannan a bar shi kwana biyu a ranar Maraɗi a ga ko gam ɗin zai saki. Idan ya gamsar, a sa masa hannu da kwanan wata a ajiye, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa kayan za su zo daidai da shi. Yawancin kamfanoni suna karɓar kashi 30 cikin ɗari da farko, cikon 70 kuma kafin lodi, saboda haka lokacin da ya dace a sa wani ya buɗe kwalaye ya gwada su da samfurin shi ne kafin a biya cikon, tun mai saye yana da abin riƙewa a hannunsa.

Yanzu ku dubi haruffa ukun da ke gefen farashin: FOB Ningbo. Ma'anarsu ita ce mai sayarwa zai kai kaya tashar Ningbo da ke ƙasar Sin ya ɗora su cikin jirgin ruwa, daga nan kuɗin jirgi da inshora da duk wata asara suna wuyan mai saye. Da an rubuta CIF Lome, to mai sayarwa ne zai biya jirgi da inshora har Lome, sai dai a nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin ko a wannan sharaɗin alhakin asara yana komawa kan mai saye tun ranar da kaya suka hau jirgi, kuma kuɗin fitar da su daga tasha da motar da za ta ratso Burkina Faso zuwa Nijar ba sa ciki ko kaɗan.

Mu koma ga lissafi. Idan dalar Amurka tana sefa 600, kuɗin kayan ya kama sefa 3,600,000. Mu ce jirgi da inshora sun ci 900,000, jimilla 4,500,000, kuma a kan wannan jimillar ne duwan take yin lissafinta, ba a kan kuɗin kayan kaɗai ba. Harajin shigo da kaya yana da rukunai daga sifili zuwa kashi 35 cikin ɗari, kuma kayan da aka gama ƙerawa irin takalmi suna rukunin kashi 20, wato 900,000. Bayan haka sai harajin TVA na kashi 19, wanda ake ɗorawa a kan darajar kayan haɗe da kuɗin duwan ɗin da aka riga aka lissafa, wato a kan 5,400,000, abin da ya ba da 1,026,000. An kai 6,426,000 ke nan, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe da ake yanka a takardar duwan.

Idan kuɗin tasha, ladan tiransite mai fitar da kaya daga duwan, mota da 'yan dako suka ci kusan miliyan ɗaya, jimilla ta doshi miliyan bakwai da rabi. A raba wa ƙafa 3,000, takalmin da aka gani a takarda a kan jika ɗaya da dala arba'in, wato sefa 1,200, ya tsaya a jika biyu da rabi a ƙofar shago, kafin a ɗora riba ko dala ɗaya. Wannan farashin ne za a kwatanta da na babbar kasuwa da na dillalan Kano, idan kuma tazarar ba ta da yawa, gara a sara a kusa, domin kuɗin da aka tura waje yakan kwashe watanni a hanya kafin a sayar da ƙafar farko.