Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran saƙon ƙananan ma'aikata

"Ni ke duba saƙonnin da yaran ofishinmu ke tura wa abokan ciniki. Wani ya rubuta: 'Oga kar ka damu, ina ga zuwa Alhamis kayanka za su iso, in an samu matsala za mu san yadda za a yi.' Na gyara zuwa: 'Muna tabbatar maka kayanka za su iso ranar Alhamis, kuma za mu ɗauki nauyin duk wata matsala.' Kaya ba su iso ba, ga mutumin yana neman diyya. Ina kuskurena?"

Mai gabatarwa: Wannan daga wata 'yar'uwa ce, kuma irinta sun zo mana da yawa, don haka za mu ɗan zauna a kanta. Malama, da alherinki, amma garin gyaran gira kin rasa ido. Hajiya, ke da kika daɗe a wannan aiki, bismilla.

Baƙuwa: To, ni lokacin da na fara aiki, wasiƙa sai ta bi hannu uku kafin a buga mata hatimi, kuma shugabanmu da jan biro yake karantawa. Yanzu kowa da waya a hannu, kafin ka ce kwabo saƙo ya tafi...

Mai gabatarwa: Hajiya, lokaci. Ina kuskuren yake?

Baƙuwa: A wuri uku. Yaron ya ce "ina ga". Ita ta ɗauka sakaci ne na magana, ta share, alhali kalmar tana gaya mata cewa shi kansa bai da tabbas. Sannan "ina" ta koma "muna": hasashen yaro ɗaya ya zama maganar kamfani. Na ukun ya fi muni. "Za mu san yadda za a yi" lallashi ne kawai, amma "za mu ɗauki nauyin duk wata matsala" magana ce ta kuɗi, kuma a rubuce take a wayar mutumin.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu sauraro. "Ina ga", "wataƙila", "muna sa rai", ba shara ba ce da za a share. To da yaya za ta yi?

Baƙuwa: Kafin ta taɓa harafi ɗaya, ta kira yaron: wa ya ce maka Alhamis? A ce ya amsa cewa masu jigila ne suka faɗa ta waya, ba su tabbatar ba. Sai ta rubuta: "Barka da yini. Kayanka sun bar rumbun ajiyarmu ranar Litinin. Masu jigila suna sa ran isowarsu Alhamis, amma ba su tabbatar mana ba tukuna. Zan sake tuntuɓarka ranar Laraba kafin ƙarfe 4 da abin da suka ce." Ka ga, alkawari ɗaya ne a ciki, na Laraba, kuma wannan a hannunta yake. Isowar mota ba a hannunta take ba. Batun matsala kuwa a cire shi gaba ɗaya, sai in mai ikon amincewa da biyan diyya ya ce a sa.

Mai gabatarwa: Ni dai a ra'ayina, mu manya mun fi yaran laifi a nan, don muna so saƙo ya fita da ƙwarjini. Malama, daga yau ki jera na yaron da naki, ki ja layi a kan kowace rana, kowane adadi, da kalmomi irin su "tabbas", "duk", "kyauta", "nan take". Wadda ta bayyana a naki alhali babu ita a nasa, ki tambayi kanki wa ya ba ki ita. Kuma ki nuna wa yaron gyaran kafin a tura, shi ya san abin da aka gaya masa.

Wani kuma na tambaya ko a bar "in sha Allahu" a saƙon aiki. A bar ta mana, malam, amma ba ta maye gurbin faɗin cewa ranar ba ta tabbata ba.

Wata ta ce yaranta na rubuta "slm" da "ngd". Wannan ki cike su kawai, babu alkawarin da ke ɓoye a ciki.

Ta ƙarshe: idan saƙon ya riga ya tafi fa? Hajiya, a taƙaice.

Baƙuwa: Kada a goge shi, gogewa na ƙara zargi. A kira mutumin yau, kafin ranar ta zo, a ce "mun faɗa maka Alhamis kamar ta tabbata, ba ta tabbata ba, ka yi haƙuri", sannan a bi kiran da rubutu.

Mai gabatarwa: Injiniya na ta ɗaga mini hannu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.