Shari'ar albasa da lamunin banki: wane bashi ne ke shiga bilan, wane ne ke tsayawa a bayani

An gabatar da wannan lacca a Tawa, gaban ƴan kasuwa da matasa masu koyon aikin kwantabul. Mun rubuto ta daga faifan da aka naɗa, mun cire gaishe-gaishen farko da maimaici.

Jama'a, akwai bashin da ba ya ba kowa wahala wurin rubutawa. Ka karɓi buhuna, an ba ka takardar kuɗi, ka san nawa ne, ka san ranar biya. Wanda ya tara mu yau shi ne bashin da bai gama nuna fuskarsa ba. Iri biyu ne. Na farko shi muke kira furobiziyo: nauyin biya ya riga ya hau kanka, amma ba ka da tabbacin adadinsa ko ranarsa. Na biyu a littattafanmu na faransanci sunansa pasif ebantuwel, ni kuwa zan kira shi bashin wataƙila, don ko wanzuwarsa ma tana jiran wani abu da ba ya hannunka. Na farko yana shiga cikin bilan, wato takardar da ke nuna dukiyar kamfani da bashin da ke kansa, yana cin ribar shekara. Na biyu ba ya taɓa ko dala a bilan, ana bayyana shi ne kawai a bayanan rakiya, waɗanda muke kira not aneks.

Dokar lissafin kamfanoni da muke bi a Nijar ita ce SYSCOHADA da aka sabunta, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. A wannan babi ta bi sawun ƙa'idar duniya mai suna IAS 37. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe.

A ce akwai kamfani nan Tawa da ke sayen albasar Galmi, yana ajiye ta a rudu har ta yi tsada, sannan ya loda zuwa Abijan. A watan Oktoba ya aika kaya. Mai saye ya ce fiye da rabi ta iso a ruɓe, kuma tun wurin zuba buhu aka cusa marar kyau. Ya kai ƙara a watan Nuwamba, yana neman miliyan 20 na sefa. Ranar 31 ga Disamba ta zo, lokacin rufe lissafi, alƙali bai yanke hukunci ba. Ribar shekara kafin a duba wannan magana miliyan 30 ce.

Mai kamfani zai ce wa kwantabul ɗinsa: ai ba a yanke ba, me za mu rubuta? Kwantabul kuwa tambaya uku zai yi wa kansa. Ta farko: shin akwai nauyin da ke kan kamfani yanzu, a dalilin abin da ya riga ya faru kafin ranar rufewa? A nan abin da ya faru shi ne isar da ruɓaɓɓen kaya a Oktoba. Hukuncin kotu ba shi ne zai haifi bashin ba, tabbatar da shi kawai zai yi. Ta biyu: shin fitar kuɗin ta fi rashin fitarsu yiwuwa? Ma'aunin shi ne rinjaye, wato sama da kashi 50 cikin 100. Ta uku: za a iya ƙiyasta adadin ta hanyar da za a amince da ita? In amsoshin uku duk e ne, furobiziyo ta wajaba. In nauyin bai tabbata ba, ko fitar kuɗin ba ta rinjaya ba, ko ƙiyasi ya gagara, sai a koma bashin wataƙila.

Tambaya ta biyu ce ke da wuya, kuma ina roƙonku kada kwantabul ya amsa ta shi kaɗai daga teburinsa. Ya rubuta wa lauyan kamfani, ya nemi amsa a rubuce. A misalinmu lauya ya amso cewa akwai rahoton ƙwararren da ya duba kayan ranar da aka sauke su, akwai kuma saƙon da wakilin kamfani ya aika yana ba da haƙuri kan ingancin albasar. Ya ce da wuya a tsira, sai dai miliyan 20 ɗin ta yi yawa, don mai saye ya sayar da sashen da bai lalace ba. A ganinsa hukunci zai faɗa tsakanin miliyan 8 da miliyan 15, kuma mafi kusa miliyan 12.

To, miliyan 12 za a rubuta. Ba a ɗaukar 20 don wai taka-tsantsan, ba a ɗaukar 8 don a faranta wa mai gida. Ƙa'ida tana neman ƙiyasi mafi kyau na abin da za a biya, kuma idan shari'a guda ce, adadin da ya fi yiwuwa shi ne mafari. Za a yi debi, wato rubutu a hagun asusu, na miliyan 12 a asusu 6911, a yi keredi, wato rubutu a damansa, na miliyan 12 a asusu 191, wanda aka keɓe wa shari'o'i. In ana sa ran a gama a biya cikin ƙasa da shekara, asusun gajeren zango ake amfani da su, 6591 da 4991. Ko ta wace hanya, riba ta sauko daga miliyan 30 zuwa 18, bashi a bilan ya ƙaru da 12. A bayanan rakiya kuma a faɗi irin shari'ar, a faɗi cewa mai ƙara 20 yake nema.

Wani abu da nake yawan ji yana damuna. Mutane na fassara furobiziyo da tanadi, sai su ɗauka an ware miliyan 12 an kulle a akwati. Babu kuɗin da ya motsa. Rubutu ne da ke hana a kira wannan miliyan 12 riba, har a raba ta ga masu hannun jari. Kamfani na iya rubuta furobiziyo daidai, ranar biya ta zo ya tarar asusunsa na banki fayau. Neman kuɗin biya aiki ne na daban.

Yanzu mu juya misalin. Da lauya ya ce babu rahoton ƙwararre, kuma takardar karɓar kaya da mai saye ya sa wa hannu ta nuna albasa ta iso lafiya, don haka kamfani ya fi kusa da nasara, da babu abin da zai shiga bilan. Riba ta tsaya a 30. Amma ba a yin shiru. SYSCOHADA ta ware bayani mai lamba 16C don irin wannan, a rubuta cewa akwai ƙara, ga adadin da ake nema, ga matsayinta. IAS 37 ta yafe ko bayanin ma idan yiwuwar biya ta yi nisa ƙwarai, amma ƙarar da ke gaban alƙali da wuya ta zama mai nisa haka.

Mu ƙara wa kamfanin nan wani nauyi. Ya tsaya wa wata ƙungiyar manoman da ke kawo masa albasa, suka ci bashin banki na miliyan 25. Muddin ƙungiyar tana biya a kan lokaci, wannan lamuni alkawari ne da ke wajen bilan. Ana bayyana shi a bayanan rakiya, riba ba ta ji a jikinta ba. Sai dai bashin wataƙila ba ya zama wuri ɗaya, kowace rufewa sai an sake duba shi. Ranar da ta bayyana cewa ƙungiyar ta gaza, kuma banki zai juyo kan wanda ya tsaya mata, ya tashi daga bayani ya koma furobiziyo.

A nan kwanan wata ke da nauyi. Ana rufe shekara 31 ga Disamba, amma doka ta ba da wata huɗu a kammala lissafin, wato zuwa ƙarshen Afrilu. A ce a Fabrairu wasiƙar banki ta iso, tana cewa ƙungiyar ta daina biya tun Nuwamba kuma ba ta da abin biya. Labarin sabo ne, amma gazawar tsohuwa ce, tana nan tun kafin rufewa. Dole a koma lissafin shekarar da ta wuce a rubuta furobiziyo. In kuwa ƙungiyar na biya lafiya har Disamba, sai gobara ta cinye ajiyarta a Fabrairu, to wannan al'amarin sabuwar shekara ne. Ba a taɓa alƙaluman bara, ana dai ambaton shi a bayani idan yana da girma.

Daga nan wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: Malam, ni kowace shekara na san farashin albasa zai faɗi da zarar sabuwa ta fito, kuma na san motata za ta nemi gyaran inji baɗi. Me zai hana in rubuta su tun yanzu?

Alhaji, tambayarka ta taɓa kuskuren da aka fi yi. Koma tambaya ta farko. Wa ke bin ka bashin gyaran da ba a yi ba tukuna? Babu kowa. Kana iya sayar da motar gobe, gyaran ya tafi da ita. Duk abin da za ka iya kauce wa da shawarar kanka bai zama nauyi a kanka ba, don haka bai cancanci furobiziyo ba, kuma ba bashin wataƙila ba ne. Asarar cinikin gaba ma haka take. Idan albasar da ke rudu ranar rufewa darajarta ta riga ta gaza kuɗin da ka saye ta, wannan rage darajar kaya ne, yana da nasa asusun daban. An tsaurara wannan ƙa'ida ne don a da wasu kan cusa furobiziyo a shekarar albarka, su fito da ita a shekarar tsiya, riba ta riƙa fitowa sumul, mai ba da bashi ya kasa gane ainihin halin kasuwancin.

Wata baiwar Allah daga baya ta ce: Malam, in kamfanin yana da inshora a kan kayan fa, ko yana shirin bin mai motar da ya yi jinkiri a hanya?

Hajiya, ba a haɗa su a bilan. Furobiziyo ta miliyan 12 tana nan yadda take, don mai ƙara kamfanin yake bi, ba ruwansa da inshora. Abin da ake sa ran karɓowa ba ya shiga a matsayin dukiya sai ya kusa zama tabbas, misali kamfanin inshora ya rubuto ya amince zai biya miliyan 5. Sannan a rubuta 5 ɗin daban a ɓangaren dukiya, kuma ba ta wuce adadin furobiziyo. Kun ga ma'aunin ba ɗaya ba ne: bashi rinjaye ya ishe shi shiga, abin karɓa kuwa sai ya kai bakin tabbas.

Saura mu ga ƙarshen shari'ar. A ce shekara mai zuwa kotu ta yanke miliyan 9. Kamfani ya biya 9, an rubuta ta cikin kuɗin da aka kashe a wannan shekarar. Sai a warware furobiziyo gaba ɗaya: debi na 12 a asusu 191, keredi na 12 a asusu 7911. Bambancin miliyan 3 ya ƙaru a ribar sabuwar shekara, ba a komawa a gyara bara, don ƙiyasin an yi shi da gaskiya bisa abin da aka sani a lokacin. Da kotu ta yanke 14, sabuwar shekara ce za ta ɗauki ƙarin miliyan 2. Kuma furobiziyon wannan shari'a ba a karkatar da ita a toshe wata asara, ko da adadin ya yi daidai.

Wanda aka miƙa wa lissafin kamfani ya duba, ko ma'aikacin banki ne ko mai son shiga hannun jari, ya buɗe bayani mai lamba 28, inda ake nuna furobiziyo a farkon shekara, abin da aka ƙara, abin da aka warware, da abin da ya rage. In ya ga adadi guda zaune shekara uku bai motsa ba, ya tambayi inda shari'ar ta kwana. In ya ga ana warware manyan kuɗi ba tare da an biya kowa ba, kuma daidai shekarar da ciniki ya yi rauni, ya nemi wasiƙun lauya na shekarun biyu ya gwada su. Sannan ya juya zuwa 16C. In ya tarar babu komai a ciki alhali gari ya san kamfanin na gaban kotu, ya nemi a ba shi jerin ƙararraki da lamunin da kamfanin ya sa wa hannu kafin ya ci gaba da karatu.