Kan Caja Ya Shiga, Amma Ba Cajarsa Ba Ce

Tun da bidiyon sikuta masu lantarki da ke kamawa da wuta a cikin ɗaki suka fara yawo, tambaya ɗaya ake ta yi: wai barin abu a caji har gari ya waye ne ke jawo gobara? Yana daga ciki, amma babban kuskuren tun wurin zaɓen caja ake yin sa.

Ku duba cikin ƙwayar batirin litiyam. Falle biyu ne a naɗe, tsakaninsu akwai wata 'yar leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, ga kuma ruwan sinadari mai cin wuta. Ƙwaya irin wannan, iyakarta bolt 4.2. Idan aka tura mata fiye da haka, ƙarfen litiyam zai fara taruwa a falle ɗaya, yana fitar da tsini, har ya huda ledar. Fallen biyu su haɗu, zafi ya tashi. Da ya kai wajen digiri 130, ledar ta fara narkewa, zafin ya ƙaru, ɗaya fallen kuma ya fara sakin iskar oksijin da ke ƙara rura wutar. Daga nan ƙwaya ta kunna maƙwabciyarta.

To, wa ke tsayar da caji a 4.2? Nan ake ruɗewa, don haka mu bi a hankali.

A waya da fawa bank, abin da muke kira caja ba shi ke yanke hukunci ba. Aikinsa ya rage wutar gida zuwa bolt 5, ko sama da haka in sun daidaita da wayar. Na'urar da ke cewa "ya isa" tana cikin wayar ne. Shi ya sa cajar wani kamfani, in dai mai inganci ce, ba ta cutar da wayarku.

A sikuta kuwa, cajar ce da kanta ke ƙayyade inda cajin zai tsaya. Ga misali. A ce batiri ne an rubuta masa 36V. A cikinsa ƙwayoyi jeri goma ne, goma sau 4.2, ya ba da 42. Cajarsa kenan, mai rubutun Output 42V. Wani batirin kuma 48V ne, yawanci jeri goma sha uku, cajarsa 54.6V. Yanzu ku kalli kawunan cajojin biyu. Sau da yawa iri ɗaya ne sak. Ka sa ta biyun a batirin farko, za ta shiga daram, fitilarta ma ta kama. Amma ka raba 54.6 gida goma, kowace ƙwaya ana ƙoƙarin kai ta kusan bolt 5.5.

Abin da ya rage tsakaninka da gobara shi ne ɗan allon kariya da ke cikin batirin, wanda ake kira BMS. A batiri mai kyau zai yanke wutar. A mai araha, ko wanda aka buɗe aka yi wa kwaskwarima, ba lallai ba. A ganina, aron cajar sikuta bai kamata ya zama abin yi ba ko da sau ɗaya ne, ko da daga ɗan'uwa na jini. Cajarka ta ɓace? Nemi mai lambar Output daidai da ta asali, har da lambar da ke gaban harafin A.

Sauran kuwa kun sha ji. Waya ba ta caji a ƙarƙashin matashi, domin zafinta ba shi da mafita. Fawa bank ba ya yini a cikin mota a rana. Sikuta da ta dawo daga tafiya, a bar ta ta huce tukuna, saboda cajin waɗannan batiran tsakanin digiri 0 zuwa 45 ake yinsa. Cajar waya mara nauyi, mara sunan kamfani, mai ƙara ko ƙaurin roba, a daina amfani da ita.

Shi kuma batirin yana ba da alama. Murfin bayan waya ya ɗago, fawa bank ya kumbura, ko ana jin wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi na sinadari. Kar a danna shi, kar a huda, kar a sake sa shi a caji, kar kuma a jefa shi a shara. A ajiye shi a waje kan siminti, nesa da duk abin da ke cin wuta, sannan a kai shi wurin karɓar tsofaffin batira.

In kuwa kun ji yana huci, farin hayaƙi na fita, hayaƙin nan guba ne, kuma yana iya kamawa nan take. Waya ce ko fawa bank, a kashe wuta daga soket, a kwarara mata ruwa mai yawa don ta huce, a ci gaba da sa ido, saboda tana iya sake tashi bayan sa'o'i. Sikuta ce, kar ku tsaya: ku fita, ku ja ƙofa, ku kira 'yan kwana-kwana. Don haka ne ba a cajinta a bakin ƙofa ko a kan matakala, kuma ba a yi lokacin da mutanen gida ke barci.