Wasiƙa ɗaya, fanni uku: yadda ake juya ta

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Ƙannena da suka gama lisansi suna haɗa dosiye don neman masta, darasin yau naku ne. Za mu duba wasiƙar nan da ake bayyana dalilin neman karatu, musamman idan fanni biyu ko uku mutum yake nema a lokaci guda.

Abin da na fi gani shi ne ɗalibi ya rubuta wasiƙa ɗaya, ya goge sunan jami'a ya sa wani, ya aika. Malamin da ke tantancewa ya karanta irinta da yawa, tun layin farko yake ganewa. "Tun ina yaro nake son wannan fanni." "Makarantarku ta shahara." Wace makaranta ce ba za a faɗa wa haka ba?

To, mu ɗauki misali. A ce wata ƙanwarmu ta gama fannin noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo nan Maradi. Ta yi istaj da damina a gonakin hatsi, tana bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga waɗanda murzuna ta ci. Kun san murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana barin layi a murɗe, ka kama ka ga babu tsaba a wurin. Yanzu tana neman wuri uku: kariyar tsirrai, ilimin yanayi na noma irin wanda ake koyarwa a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da tattalin arzikin karkara.

Akwai abin da ba za ta taɓa ba: shekarar da ta gama, sakamakonta, inda ta yi istaj, gona nawa ta bi, aikin da ta yi da hannunta. Wannan sakin layi ɗaya ne, ya zauna yadda yake a wasiƙun duka, don idan ya bambanta an shiga ƙarya. Abin da zai sauya shi ne tambayar da ta baro gonar da ita.

Ga masu kariyar tsirrai sai ta ce: na ga gonakin da aka saki ƙaramin ƙwaron nan mai kashe murzuna, ina so in san yadda ake kiwonsa, da lokacin da ya dace a sake shi. Ga masu yanayi kuma, gonar dai ita ce, amma idonta na wani wuri. Ta lura ɓarnar ba ɗaya ba ce tsakanin gonar da aka shuka da ruwan farko da wadda aka shuka daga baya, don haka tana son koyon yadda ake haɗa bayanan ruwan sama da lokacin fitar zangarniya a yi wa manoma gargaɗi da wuri. Ga masu tattalin arziki, zancen dami ne da tiya: dami nawa magidanci ya rasa, wata nawa rumbu zai kai shi, kuma nawa zai iya biya don kare gonarsa. Kun ji? Ba ta ƙirƙiri komi ba, amma kowane malami zai ga ɗalibar fanninsa.

Daga nan sai ta buɗe jerin darussan kowane fanni a shafin makarantar. Ta zaɓi darasi biyu kawai, ta rubuta sunansu daidai yadda suke, kowanne ta faɗi wane giɓi zai cike mata. Kada ta jero goma, wannan kwafe ne, su suka rubuta jerin ai. Ƙarshen wasiƙa ma ya bi tambayar: wadda ta nemi yanayi ba za ta rufe da burin buɗe shagon maganin ƙwari ba.

Idan kuwa ka juya labarinka ta kowace fuska ka rasa tambayar gaskiya da ta dace da wani fanni, ni shawarata ka cire fannin daga jerinka. Tilasta shi ne ke haifar da maganar da ba ta da gishiri.

Ga yadda za ka gwada. Rufe sunan makaranta da na fanni da yatsa, ka ba abokinka wasiƙun ya karanta. Idan ya kasa faɗin wacce za ta ina, da sauran aiki. Sannan kafin ka aika, danna Ctrl+F ka nemi sunan sauran makarantun biyu a cikin kowace wasiƙa, har da gajeren sunansu, don a sakin layi na ƙarshe ya fi maƙalewa. Kowace ka ajiye ta da sunan fanninta, ka ƙirga haruffa idan an ƙayyade, sannan ka mai da ita PDF. Mako mai zuwa za mu ɗauki takardar shaidar malamai. Sai an jima.