Kofi, cokali da ludayi: yadda ake fitar da giram ba tare da sikeli ba

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su yau, kuma duk a kan matsala ɗaya suke: kin samu bayanin girki an rubuta fulawa giram 500, sukari giram 100, mai giram 60, ke kuma babu sikeli a gidan, sai kofi da cokali da ludayi.

Na farko, kofi ba ya auna nauyi. Abin da yake aunawa shi ne wurin da abu ya cika. A ruwa ne kaɗai lissafin yake tafiya daidai: mililita 1 na ruwa giram 1 ne. Saboda haka da ruwa za mu fara gane girman kofinmu. Ki samu sabuwar robar ruwa mai mililita 500 wadda ba a buɗe ba, ki riƙa tsiyayawa a kofin har baki, kina ƙirgawa. Idan ta cika shi sau biyu da rabi, kofinki mililita 200 ne. Idan sau biyu cif, 250 ne. Na ce sabuwa, domin in kika cika tsohuwar roba da kanki har wuya, ruwan ya wuce 500. Cokali kuma da sirinjin magani ake gwada shi. Cokalin shayi na awo mililita 5 ne, babban cokali 15, wato ƙanana uku. Na aljihun kicin ɗinki yana iya fin haka ko ya gaza, shi ya sa nake cewa a gwada.

Wannan gwajin dole ne, domin su kansu masu rubuta littattafan girki ba kofi ɗaya suke nufi ba. Na Amurka kusan mililita 240 ne, na Ostareliya 250, na Japan 200. Har babban cokalin Ostareliya 20 ne, ba 15 ba.

To, yanzu fulawa. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni, domin a nan ne burodi yake lalacewa. Ga kofi nan a hannuna, ga fulawa a kwano. Ku duba. Na tsoma kofin, na kamfato, na jijjiga shi, na ɗan danna da yatsu. Ya cika ko? Ya cika. Yanzu na juye. Na motsa fulawar da cokali ta sake jiki, ina ɗiba da cokali ina zubawa a hankali har ta yi tozo, sannan na shafe bakin da bayan wuƙa. Shi ma ya cika. Ido ba zai raba su ba. Amma a kofi mai mililita 240, wannan na biyun giram 120 ne zuwa 125, na farkon kuwa yana kaiwa 150. Kofi ɗaya, hannu ɗaya, fulawa ɗaya!

Dalilin shi ne iska. Fulawa gari ne mai laushi, akwai iska a tsakanin ƙwayoyinsa, da kin danna sai iskar ta fita, ƙarin gari ya samu wurin shiga. Ki lissafa: rarar giram 25 a kowane kofi, in kofi huɗu kika zuba, kin ƙara giram 100 da ba a ce ki sa ba. Kusan kofi guda ke nan ya shiga kwaɓin a ɓoye. Sai burodi ya fito da tauri, a ce yis ne bai da kyau. Bawan Allah yis, kullum shi ake ɗora wa laifi! (dariya) Kar a danna, kar a jijjiga, kar a buga gindin kofin a tebur. Na sake faɗa: kar a buga shi a tebur. Hannu yana yin haka da kansa, sai mutum ya lura.

Ga kuma dabarar da na fi so duka. In kin sayi fulawa a leda wadda aka rubuta kilo 1, wannan ledar ita ce sikelinki. Ki aune ta duka da kofinki, ta hanyar nan ta cokali da wuƙa, ki ƙirga. A ce ta ba ki kofi tara da rabi. Ki raba 1000 gida tara da rabi, ya ba ki kusan giram 105. Wannan lambar taki ce, ta kofinki da hannunki, ta fi duk wani jadawalin da za ki gani a rubuce. Sau ɗaya ake yi, ki rubuta ki manna a bango. Fulawa giram 500 ɗin nan da muka fara da ita ta zama kofi huɗu da kashi uku cikin huɗu.

Na uku... ko na biyu muke? To, sukari dai. Shi bai da rigima, ba ya dannuwa sosai. Babban cokali a shafe giram 12 da rabi ne, don haka giram 100 cokali takwas ne. Mai ya fi ruwa rashin nauyi kaɗan, mililita 100 giram 92. Zuma ta fi ruwa nauyi, mililita 100 kusan giram 140. Gishiri mai laushi, cokalin shayi a shafe kusan giram 6, mai manyan ƙwayoyi bai kai haka ba. Busasshen yis kusan giram 3. Waɗannan ƙananan kada a kuskura a yi musu tozo, tozon cokalin shayi yana iya kusan ninka abin.

Ludayi kuwa ba shi da tsayayyen girma ko kaɗan. Ki ƙirga babban cokali nawa na ruwa ke cika shi. In huɗu ne, mililita 60 ke nan, mai a cikinsa kusan giram 55. Man giram 60 ɗin can sai ki sa ludayi ɗaya da cokalin shayi ɗaya. Ki bar ludayi wa abu mai ruwa, bakinsa da faɗi, gari ba ya shafuwa daidai a cikinsa.

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

Tambayarta ita ce: in ta riga ta kwaɓa, yaya za ta gane ta zarce da fulawa? Yauwa, wannan ta fi abin da na rage. Hajiya, in kwaɓin burodi ne, ki taɓa shi bayan kin murza na ɗan lokaci. Daidai shi ne ya yi laushi, ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana tsagewa a gefe, ko gari ya rage a gindin kwano ya ƙi haɗewa, fulawa ta yi yawa. Ki ƙara ruwa babban cokali ɗaya, ki murza ya shige sosai kafin ki ƙara wani. Shi ya sa ni nake ajiye rabin kofin ƙarshe a gefe, sai kwaɓin ya nema nake zubawa. Kek ne bai da wannan sauƙin, domin yawan juya shi bayan fulawa ta shiga yana sa shi tauri, dole awon ya yi daidai tun farko. Kin ce fulawarki tankaɗaɗɗiya ce? To ta fi waccan iska, nauyinta a kofi zai ragu. Ki auna tukuna, sannan ki tankaɗe. Akwai wani hannun?